Tukwicin Yabo

Shekara uku ke nan da rasuwar malamin da ya koya mana karatu da rubutu a firamare. Ina nesa da gida lokacin da abin ya faru, ban samu jana'iza ba, na kuma san ba zan iso ba sai bayan an share makoki. Don haka na zauna na rubuta wa babban ɗansa saƙon ta'aziyya ta waya. Dare biyu na yi ina rubutawa ina gogewa. Na kawo yadda marigayin yake tsayawa a bakin aji da sassafe yana duba farcenmu, da yadda yake raba alli biyu don ya kai mu ƙarshen zango, da yadda ya taɓa biya wa wani ɗan ajinmu kuɗin jarrabawa bai gaya wa kowa ba, sai da yaron ya zama magidanci ya faɗa da bakinsa. Na rufe da addu'a, na aika.

Washegari da yamma amsa ta zo: "Malam, saƙonka ya iso. Hajiya ta sa an karanta mata shi har sau uku, tana ji tana hawaye. Ta ce tun da aka yi rasuwar nan ba wanda ya faɗi halin Baba kamar yadda ka faɗa. Allah ya ba ka baiwar rubutu, Allah ya ƙara."

Kunya ta rufe ni. Mutumin nan ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa, ga shi cikin makoki, amma ya tsaya yaba mini. Na ga idan na karɓi yabon kamar na mai da rasuwar mahaifinsa fagen nuna gwaninta. Sai na rubuta: "Haba Yaya, ai ba wani abu ba ne. A gurguje ma na rubuta shi." Ya karanta, bai sake cewa komai ba.

Ban san na yi ɓarna ba sai da na dawo gida na je gaishe da gwaggona, wadda ƙawar Hajiyar ce tun suna amare. Bayan mun gaisa ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, me ka rubuta wa mutanen gidan Malam? An ce ka ce a gurguje ka yi." Na ce, "Gwaggo, kunya ce ta sa ni." Ta ce, "To matar da ta zauna tana kuka a kan maganarka, ka gaya mata a kan abin da ba wani abu ba ta yi kukan ke nan? In mutum ya miƙo maka ƙwarya da hannu biyu, kai ma hannu biyu za ka sa. In ka ture, ko kunya ce ta sa ka, shi turewar zai gani."

Tun daga ranar nake ta juya wannan ɗan ƙaramin al'amari, kuma na lura ba ni kaɗai nake faɗawa ramin ba. Mutum ya rubuta saƙon ta'aziyya, ko na taya murna, ko nasiha ga ƙanne, ko ya yi jawabi a wurin walima, a ce masa ya yi kyau, sai ya rasa abin faɗa. In ya ce "na gode" kawai, yana tsoron a ce ya yarda shi gwani ne. In ya ce "ba komai", ya gwasale mai yabon. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya, kuma koyon ta ba wuya.

Bari mu fara da warware abin da na rubuta, domin a cikin gajerun jimloli biyun nan laifi uku na yi. Da na ce "ba wani abu ba ne", a zuciyata kaina nake ƙasƙantarwa. Amma Yaya bai ce ni wani abu ba ne. Cewa ya yi saƙon ya taɓa mahaifiyarsa. Saboda haka abin da na ƙaryata ba darajata ba ce, shaidarsa ce da hawayen Hajiya. Da na ce "a gurguje", na so in nuna ban sha wahala ba, don kada su ji nauyi. Abin da ya isa kunnensu shi ne, malamin da ya ba mu shekarunsa, ɗan lokacin gaggawa kawai ya samu daga wurina. Ga shi kuma maganar ba gaskiya ba ce, dare biyu na yi. Na uku, na bar shi a tsaka mai wuya: ko dai ya sake yabo don ya rarrashe ni, alhali shi ne mai buƙatar rarrashi, ko ya yi shiru. Ya zaɓi shiru, kuma ban ga laifinsa ba.

Wannan tsaka mai wuyar ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A 1978 wata mai nazarin hira 'yar Amurka, Anita Pomerantz, ta bi diddigin yadda mutane suke amsa yabo a cikin hirarsu ta yau da kullum, ta nuna cewa wanda aka yaba yana tsakanin ƙa'idoji biyu masu jan sa gefe daban-daban. Ta farko, ladabin zance yana son ka yarda da abokin maganarka, kada ka musa masa. Ta biyu, ba a son mutum ya yabi kansa. In ka yarda da mai yabon ka, ka taka ta biyu. In ka musa, ka taka ta farko. Mu ma muna da su duka a bakinmu. Muna cewa yabon kai jahilci, muna kuma cewa yabon gwani ya zama dole. Abin da ta lura shi ne, mutane da yawa suna neman mafita a tsakiya: su rage ƙarfin yabon kaɗan, ko su karkatar da shi zuwa ga wani, ko su mayar wa mai yabon da nasa.

Wurin da kowace al'umma take tsayawa tsakanin ƙa'idojin biyu ya bambanta, kuma yana sauyawa. A 1993 wani masani mai suna Rong Chen ya wallafa binciken da ya yi a kan ɗaliban jami'a a birnin Xi'an na ƙasar Sin, inda kusan kashi 96 cikin 100 na amsoshinsu ƙin karɓar yabo ne. A 2010 shi da abokin aikinsa Dafu Yang suka wallafa maimaicin binciken a birnin, sai ga shi kusan kashi 63 cikin 100 karɓa suke yi. Ƙasa da shekara ashirin ke nan tsakani. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kalmomin da ake nuna tawali'u da su al'ada ce, kuma al'ada tana bin yanayin da ake magana a ciki. In yanayin ya sauya, kalmar da take ladabi jiya tana iya zama gwasalewa yau.

Mu yanayin da ya sauya mana shi ne fuska. A zaure, in dattijo ya yaba wa yaro, yaron ba ya buƙatar dogon zance. Zai sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya shafa ƙeya, wataƙila ya ce "haba Baba" a hankali. Bakinsa yana turewa, amma jikinsa gaba ɗaya yana karɓa, kuma dattijon jikin yake karantawa. Mace in uwar miji ta yaba girkinta, za ta rufe fuska da gefen mayafi, kowa ya san ta ji daɗi. Manya kuwa galibi ba su amsa yabo da bakinsu. Maroƙi ya yi wa mutum kirari, kyauta ce amsarsa. A fada ma, mai gaisuwa ya zube ya yi gaisuwa, fadawa ne suke amsa masa a madadin sarki. Don haka mun tashi da yabo iri-iri a harshenmu, amma ba mu saba amsa shi da kalmomi zalla ba.

Rubutu kuwa ba shi da ƙeyar da za a shafa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana, to a saƙon waya babu fuskar, sai tabarmar kalmomi kawai. "Haba, ba wani abu ba ne" da za a faɗa da murmushi a ji daɗi, in aka rubuta ta sai ta tsaya a bushe. Mai karantawa shi zai sa mata murya, kuma mutumin da ke cikin baƙin ciki ko gajiya ba lallai ya sa mata murya mai daɗi ba.

Akwai kuma wani kuskure da ke cikin kalmar kanta. "Ba komai" amsar godiya ce ko ta neman gafara. Wanda ya ce "na gode da ɗawainiya", ka ce "ba komai", ka sauke masa nauyi. Wanda ya taka ka ya ce "yi haƙuri", ka ce "ba komai", ka yafe. A duka biyun akwai bashin da kake cewa ka yafe. Mai yabo ba bashi ya zo biya ba, kyauta ya kawo. In ka ce wa mai kyauta "ba komai", kyautarsa ka kira ba komai.

A nan ne tsohuwar al'adarmu ta tukwici take da abin koyarwa. In aka aiko yaro da kwanon abinci ko ƙwaryar goro, ba a mayar da shi hannu rabbana. Ana ba shi ɗan abu, a ce ya gaishe da mutanen gida. Tukwici ba ya kai kyautar, domin in ya kai ta ya zama ciniki. Ba a kuma hana shi, domin hanawa tana nuna an raina abin da aka kawo. Aikinsa ɗaya ne: ya shaida cewa kyautar ta iso, an gani, an ji daɗi. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Amsar yabo ma haka take. Ƙarama ce, ba ta kai tsawon yabon ba, amma tana nuna ya iso inda aka aike shi.

To da me ya kamata in rubuta wa Yaya? Na daɗe ina gwada wannan, ga abin da na tsaya a kai:

"Yaya, na gode ƙwarai. Jin cewa ya sanyaya wa Hajiya zuciya ya fi mini komai. Abin da na rubuta halin Malam ne da muka gani da idonmu, shi ya bar mana abin faɗa. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. A gaishe mini da Hajiya, ina nan tafe."

Dubi yadda aka jera ta. Godiya ce a gaba, ita kaɗai, ba a jingina mata "amma" ba. Wannan "amma" ɗin ita ce take kashe godiya da yawa. "Na gode, amma ai bai kai haka ba" daidai yake da ka karɓi ƙwarya da dama ka ajiye ta a ƙasa da hagu. Bayan godiya sai aka ɗauko abu guda daga cikin maganarsa, wato hawayen Hajiya, aka mayar masa. Wannan shi ne shaidar cewa an karanta saƙonsa da zuciya, ba a tura masa amsar da ake tura wa kowa ba. Kuma lura, farin cikin da aka nuna a kan amfanin da saƙon ya yi ne, ba a kan kyawunsa ba. Mutum yana iya cewa ya ji daɗi maganarsa ta yi amfani ba tare da ya ce shi gwani ne ba. A nan ne ƙa'idojin nan biyu suke haɗuwa ba tare da an taka ɗaya ba.

Sai jimla ta uku, inda tawali'un yake. Ba a ce saƙon ba shi da kyau ba, an dai nuna inda kyawun ya fito: daga halin marigayin. Wannan gaskiya ce tsantsa, domin da Malam bai biya wa yaron nan kuɗin jarrabawa ba, da ba ni da abin rubutawa. Yabon bai faɗi ƙasa ba, an miƙa shi ga wanda ya fi cancanta, kuma wanda iyalin za su fi son a yaba. Daga nan aka koma kan abin da ya haɗa mu tun farko, wato rasuwa da addu'a, don kada zancen ya tsaya a kan marubuci. Batun "baiwar rubutu" kuwa ba a taɓa shi ba sam, ba a amsa ba, ba a musa ba. Ba kowane ɓangaren yabo ne yake buƙatar amsa ba. Wanda ya yi maka nauyi, ka bar shi ya wuce, godiyar farko ta riga ta rufe shi.

Wani zai ce, ai addini ya hana son yabo. Haka ne, an yi gargaɗi mai tsanani a kan masu mai da yabo sana'a da masu zuzuta mutum a gabansa har kansa ya kumbura, kuma riya cuta ce da kowane mai hankali yake tsoro. Amma a cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Zarri, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya yi aikin alheri mutane suka yaba masa, sai ya nuna cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Yabon da ya zo bayan aiki, ba nemansa aka yi ba, ba abin gudu ba ne. Imam Bukhari kuma a cikin Al-Adabul Mufrad ya kawo abin da magabata suke yi in an yabe su: su roƙi Allah kada ya kama su da abin da mutane suke faɗa, ya kuma gafarta musu abin da mutanen ba su sani ba. Abin lura a nan, wannan magana ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ba su juya sun ce wa mai yabon ƙarya yake yi ba. Tsoron riya aikin zuciyarka ne, ba nauyin da za ka ɗora wa wanda ya zo maka da alheri ba.

Akwai ma wata riyar da take ɓuya a cikin ƙin yabo, kuma wannan ce ta fi ba ni tsoro da na duba kaina. Wanda ya ce "shirme ne kawai na rubuta" alhali ya san ba shirme ba ne, sau da yawa jira yake a ce masa "haba, wane irin shirme, wallahi ya yi kyau". Yabo ɗaya aka ba shi, ya ja ya zama biyu. Wanda kuma ya ce "a gurguje na yi", ko ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi in wannan na gurguje ne, ina ga na natsuwa. Wanda ya ce "na gode" ya wuce, ya fi su duka saurin kau da zancen daga kansa.

A 1974 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi na Anthony Kirk-Greene a kan abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma. Kunya tana ciki, ladabi yana ciki, amma gaskiya da mutunci ma suna ciki. A ganina kuskuren irin nawa shi ne a riƙe kunya ita kaɗai a saki sauran. Na kare kunyata, na yi ƙarya a kan dare biyun, na kuma taɓa mutuncin wanda ya yaba mini. Kunyar da za ta sa ka ƙaryata babba a kan abin da ya gani da idonsa ta wuce gona da iri.

Ba kowane yabo ne yake zuwa daidai ba, kuma nan ne ake buƙatar ɗan hankali. Wani lokacin akan yi maka yabon da ya wuce ƙima. Ka rubuta 'yar nasiha ga ƙannenka a kan zumunci, wani ya ce duk garin nan ba mai ilminka. Ba dole ka yarda da wannan ba, ba kuma dole ka buɗe muhawara a kai ba. Ka gode wa kyakkyawan zatonsa, domin shi gaskiya ne ko da maganar ta zarce: "Na gode da wannan kyakkyawan zato, Allah ya sa mu kai inda kake zato. Na ji daɗi da nasihar ta yi amfani." Addu'ar ta nuna ba ka kai ba tukuna, ba tare da ka ce masa ya yi kuskure ba.

Akwai kuma inda gyara ya zama dole. In saƙon da aka yaba ba naka ba ne, wani ya rubuta kai ka tura, ko rabinsa daga bakin malaminka ka ji, to sai ka faɗa, kuma wannan ba tawali'u ba ne, amana ce. Amma ko a nan godiya ce a gaba: "Na gode. Asalin maganar ta malaminmu ce, ni tsarawa kawai na yi, zan isar masa da cewa ta amfane ku." Bambancin wannan da abin da na yi wa Yaya a fili yake. Wannan ya ƙara wa mai yabon sani, nawa kuwa ya rage masa darajar abin da ya ji. Hanya mafi sauƙi ta gane ko amsarka tawali'u ce ko gwasalewa ita ce ka karanta ta da idon mai yabon, ka tambayi kanka: bayan na karanta wannan, zan ji na yi daidai da na yaba, ko zan ji na yi wauta?

Matsayin mai yabon ma yana sauya amsar. In babba ne, uba ko malami ko shugaba a wurin aiki, yabonsa shaida ce, kuma musa masa rashin ladabi ne ko da da sunan kunya aka yi. Abin da ya dace shi ne a mayar da alherin gare shi in da gaskiya a ciki: "Na gode Baba, tarbiyyarku ce. Allah ya ƙara girma." In kuwa bai taɓa koya maka komai ba, kada ka ce tarbiyyarsa ce, domin zai gane fadanci ne, "na gode ranka ya daɗe, wannan ya ƙarfafa mini gwiwa" ta wadatar. Tsakanin abokai abin ya fi sauƙi, wasa ma yana shiga, sai dai a tabbata godiyar ta fito kafin wasan.

Wanda na fi jin tausayi shi ne na ƙasa da kai. Ɗalibi ko ƙane da ya daure ya rubuto wa malaminsa ko yayansa cewa saƙon nan ya taimake shi, sai da ya yi ta shawara da zuciyarsa kafin ya aika. In ya samu shiru, ko "ngd" mai harafi uku, ko hoton babban yatsa kawai, zai ɗauka ya yi shisshigi, kuma da wuya ya sake. Babba yana ganin gajartawar tawali'u ce, kada ya tsaya jin daɗin yabo. Yaron kuwa gani yake an raina shi. Jimla biyu sun isa: "Madalla, na ji daɗi da ka karanta har ka amfana. Wane ɓangare ne ya fi yi maka amfani?" Tambayar nan ta ƙarshe tana da albarka, domin tana mai da yabon hira, ta kuma ba yaron damar ya faɗi nasa tunanin.

Wasu kuma abin da ke sa su kau da yabo tsoron baki ne, kada kambun baka ya kama abin da aka yaba. Wannan ma ba ya buƙatar a ture mai yabon. Al'ada ta riga ta tanadi kalmominsa: mai yabo ya ce "masha Allah" ko "tubarkalla", wanda aka yaba ya ce "alhamdu lillahi, na gode". Sai dai in ja hankali a kan abu guda. "Alhamdu lillahi" ita kaɗai, ko "yin Allah ne" ita kaɗai, a rubuce tana iya zama kamar an rufe ƙofa. An gode wa Allah, an tsallake bawan da ya yi magana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiya ga mutane da godiya ga Allah wuri guda, don haka babu dalilin raba su a cikin saƙo.

In mutane da yawa ne suka yaba lokaci guda, kamar bayan jawabin walima ko saƙon da aka tura wa dangi baki ɗaya, ba sai an bi kowa da doguwar amsa ba, domin hakan yana sa zancen ya daɗe a kanka. Godiya ɗaya ga kowa ta isa, sannan a ware manya da wanda ya faɗi wani abu na musamman a amsa musu daban. Kada kuma a bar ta ta kwana biyu. Haka nan mayar da yabo nan take, irin "ai kai ne gwani, ni wa", yana da daɗi in gaskiya ne kuma ka ambaci takamaiman abin da ya yi. In ba haka ba, ya zama kamar an aiko maka da kwano ka mayar da shi da abincin a ciki.

Kwana biyu bayan maganar gwaggo na shirya na tafi gidan Malam. Yaya ya shigar da ni har ɗakin Hajiya, na durƙusa na yi mata gaisuwa, muka yi wa marigayi addu'a. Sannan na ce, "Hajiya, akwai maganar da na rubuta wa Yaya wadda ba daidai ba ce. Na ce a gurguje na rubuta saƙon nan. Ba haka ba ne, dare biyu na yi a kansa, kunya ce ta sa na faɗi haka. Kuma da aka ce kin sa an karanta miki sau uku, na ji daɗin da ban san yadda zan faɗa ba. Na gode."

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Ai na san ba a gurguje ba ne, ɗana. Mai gaggawa ba zai tuna da alli ba." Ta juya wajen Yaya ta ce ya ɗauko wayar ya sake karanta mata wurin allin, tunda ga mai shi a zaune.